Yadda ake haɗa na'urorin waifai da yawa a kan suna ɗaya, waya ta riƙa sauyawa da kanta

Kana cikin kiran bidiyo a wannan ƙarshen gini, ka miƙe ka nufi wancan ƙarshen, sai murya ta fara yankewa, hoto ya daskare. Ka ɗaga kai, ga wata na'urar waifai a saman kanka fitilarta na haske, amma wayarka ta ƙi sakin wadda ka baro can baya. Gyaran wannan ba ya buƙatar sabbin kaya masu tsada, sai dai akwai abin da ya kamata ka riƙe tun kafin ka taɓa komai: wayar ce ke yanke shawarar lokacin da za ta bar wata na'ura ta kama wata. Na'urorin ba sa miƙa ta ga juna. Aikinka duka shi ne ka shirya wurin yadda shawarar za ta zo mata da sauƙi, kuma a kan lokaci.

Bari mu ɗauki gini ɗaya mu bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Doguwar baranda ce mai tsawon mita 60, ɗakuna dama da hagu, rauta ɗaya mai kawo intanet, da na'urorin watsa waifai uku, irin waɗanda ake rubuta wa AP a jikin kwali: ɗaya a farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe.

Fara da kebul, da tabbatar da mai raba adireshi ɗaya ne

Kowace na'ura a ja mata kebul zuwa rauta, ko zuwa suwic ɗin da ke jone da rauta. Kebul na Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100, saboda haka ginin namu bai kai inda za a damu ba. Na'urar da ke kamo waifai ta iska ta sake watsawa tana aiki, amma idan rediyo ɗaya take amfani da shi wajen karɓa da aikawa, kusan rabin gudun ya tafi. In da halin jan kebul, a ja.

A nan ne aka fi yin kuskure. Mutane da yawa tsofaffin rautoci suke mayarwa na'urorin watsawa, su soka kebul a ramin WAN su tafi abinsu. Sai kowace ta buɗe tata ƙaramar hanyar sadarwa, tana raba nata adireshi. Waya ta tashi daga ta farko zuwa ta biyu, adireshinta ya canza, duk abin da take yi ya tsinke. Don haka ka shiga saitin kowace na'ura, in tana da zaɓin Access Point Mode ko Bridge Mode ka kunna shi. In ba ta da shi, ka kashe DHCP ɗinta, wato saitin da ke raba adireshi, ka soka kebul a ramin LAN, ka bar ramin WAN a wofi. Babbar rauta ce kaɗai za ta riƙa raba adireshi.

A ginin namu rauta tana kan 192.168.1.1, tana raba adireshi daga 192.168.1.100 zuwa 192.168.1.200. Na'urorin uku sai a ba su tsayayyun adireshi a wajen wannan zango: 192.168.1.2, da .3, da .4. Ka rubuta su a takarda ka manna a jikin kowace, domin ranar da za ka koma saiti ba za ka tuna ba.

Suna, kalmar sirri da nau'in tsaro

Yanzu sai ka sa SSID, wato sunan waifai, iri ɗaya a dukkansu, harafi da harafi. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a nan, kuma tazarar da ta ɓuya a ƙarshen suna ta isa ta mayar da shi wani suna dabam. Kalmar sirri ma haka. Abin da ake yawan mantawa shi ne nau'in tsaro. Idan biyu suna kan WPA2 da AES, ta uku kuma tana kan WPA3 kaɗai, ko tana kan tsohon TKIP, wasu wayoyin za su ɗauke ta baƙuwa, su ƙi hawa ko su sake neman kalmar sirri. Ka buɗe shafin tsaro na kowace ka gwama su da ido.

Suna ɗaya, amma tasha dabam dabam

Akwai masu zaton tunda suna ɗaya ne, to Channel ma ya zama ɗaya. Akasin haka ne. Na'urori biyu da ke jin juna a tasha ɗaya layi suke bi, in ɗaya tana magana ɗayar ta yi shiru. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11, da faɗin 20 MHz. Ta farko ta ɗauki 1, ta tsakiya 6, ta ƙarshe 11. A zangon 5 GHz wuri ya fi yalwa. Da faɗin 20 MHz za ka iya ba su 36, 40 da 44. In ka zaɓi faɗin 40 MHz, tashoshi bibbiyu ke haɗuwa, 36 da 40 su zama ɗaya, 44 da 48 su zama ɗaya, sai na'ura ta uku ta sake amfani da tashar ta farko tunda su ne suka fi nisa da juna. Ni na fi son sa tasha da hannu a kan barinta a Auto, musamman a na'urorin da ba su san da zaman juna ba, don bayan ɗaukewar wuta sukan tashi tare su faɗa tasha guda.

Rage ƙarfi, wanda shi ne zuciyar aikin

Wannan matakin ne zuciya ba ta so. Mutum ya sayi na'ura don ta kai nesa, sai a ce masa ya rage mata murya. Amma duba yadda waya ke tunani. Ana auna ƙarfin siginar da ke isowa waya da dBm, lamba ce mai alamar ragi a gaba, kuma duk yadda ta matso sifili haka ƙarfin yake ƙaruwa: -45 ƙarfi ne sosai, -67 ya isa kiran murya, -80 kuwa ana dab da rabuwa. Kamfanin Apple ya bayyana cewa iPhone ba ta fara neman wata na'ura sai siginar wadda take kai ya faɗi zuwa -70. Ko a lokacin ma, sai sabuwar ta fi tsohuwar da 8 dB idan ana cikin aika bayanai, ko 12 dB idan wayar tana zaune ba ta komai. Wayoyin Android kowane kamfani da nasa ma'auni, amma tunanin kusan ɗaya ne.

To koma barandar. Ka sa manhajar auna waifai, ka tsaya daidai ƙarƙashin na'ura ta biyu. Ta biyun tana nuna -45, ta farko kuma, wadda ke watsawa da cikakken ƙarfinta na 20 dBm, tana nuna -66. Ka ga matsalar? Wayar ba ta kai -70 ba, don haka a wurinta babu abin da ya ɓaci, ko waiwaye ba za ta yi ba. Sai ta wuce ta biyu gaba ɗaya tana maƙale da ta farko. Ga kuma wata wahala: na'urar tana da eriya da wuta fiye da waya, tana iya kwarara murya ta iso gare ka, amma amsar wayar da ƙyar take komawa. Shi ya sa za ka ga sanduna cike a fuskar waya alhali shafi ya ƙi buɗewa.

Shiga Transmit Power ka sauke ta farko daga 20 zuwa 14 dBm. Kowane 3 dB da ka rage rabin ƙarfi ne, wato yanzu kashi ɗaya cikin huɗu ya rage. Idan na'urar Low, Medium da High kawai take nunawa, fara da Medium. Koma ƙarƙashin ta biyu ka auna: ta farko ta sauka wajen -72. Ke nan 'yan taku kafin ka iso, wayar ta riga ta taɓa -70, ta duba, ta tarar da ta biyu ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, ta haye. Sai ka tsaya tsakiyar tazarar da ke tsakaninsu ka tabbatar kowace tana ba da -67 ko abin da ya fi. In a can duka biyun suna ƙasa da -75, ka yi zarce wajen ragewa, ko kuma na'urorin sun yi nisa da juna, sai a matso da ɗaya. Ka leƙa cikin ɗakuna ma ka rufe ƙofa ka auna, don bangon kankare yana cin sigina fiye da yadda baranda za ta nuna maka.

Zangon 2.4 GHz ya fi 5 GHz ratsa bango da kai wa nesa, saboda haka shi ya fi buƙatar ragi. Ka bar shi ƙasa da na 5 GHz da kimanin 6 dB, don wayoyi su fi karkata ga zango mai sauri.

Saitin da ke hanzarta sauyi

A wasu na'urori za ka ga 802.11k, 802.11v da 802.11r. Na farko yana ba waya jerin maƙwabtan na'urori da tashoshinsu, ba sai ta laluba ko'ina ba. Na biyu yana bari na'ura ta ba waya shawarar ta koma wata, kodayake wayar tana iya ƙi. Na uku, wanda ake rubuta wa Fast Transition, yana gajarta tantancewar tsaro lokacin hayewa. Yawanci sai na'urorin na kamfani ɗaya ne kuma ana sarrafa su daga wuri guda kafin waɗannan su yi aiki tare. Kunna k da v. Shi kuwa r, amfaninsa ya fi fitowa inda kowa ke shiga da sunansa da kalmarsa ta WPA2-Enterprise, kuma wasu tsofaffin firintoci da kyamarori sukan ƙi hawa idan yana kunne. In ka kunna shi wani abu ya ɓace daga layi, shi za ka fara zargi.

Akwai kuma Minimum RSSI, wanda ke korar wayar da siginarta ya yi ƙasa da abin da ka ƙayyade. Ka bar shi sai kowace dabara ta ƙare, kuma kada ka tsaurara fiye da -75 zuwa -80. Wanda ke kusurwar da na'ura ɗaya ce kawai ke kaiwa, korarsa za a yi ta yi ba shi da inda zai koma.

Gwaji da ƙafa

Ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows, buɗe tagar umarni biyu. A ta farko:

```
ping -t 192.168.1.1
```

A ta biyu, ka riƙa maimaita wannan kana tafiya:

```
netsh wlan show interfaces
```

Layin BSSID ne ke nuna ainihin na'urar da kake kai, don suna ɗaya ne amma kowane rediyo da lambarsa. Taka a hankali daga farkon baranda zuwa ƙarshe. Ya kamata BSSID ya canza sau biyu, amsar ping ɗaya ko biyu ta salwanta a kowane sauyi, ko ma babu. Idan an daɗe babu amsa, sannan adireshin kwamfutar, wanda umarnin ipconfig ke nunawa, ya fito da wasu lambobi dabam, wata na'ura tana nan tana raba adireshi, koma ka kashe DHCP ɗinta. Idan adireshin ya fara da 169.254, na'urar da ka hau ba ta isa rauta ba, duba kebul ɗinta da ramin da aka soka shi. Idan kuma BSSID bai canza ba har ka wuce ta biyu, ƙarfin ta farko bai sauka yadda ya kamata ba, sake rage 3 dB ka dawo. Bayan nan ka maimaita tafiyar da waya kana cikin kira na gaske, zuwa da dawowa, domin inda take sauyawa a tafiya ba lallai nan take sauyawa a dawowa ba.