Yadda ake roƙon wani abu daga albashi a rubuce

'Yan uwa ma'aikata, saƙon "Oga don Allah a taimaka min da wani abu kafin wata ya ƙare" shi ke sa a yi shiru da kai. Maigida bai san nawa ake nema ba, akanta kuma ba shi da abin da zai shigar a littafi.

Misali direba mai albashin naira 80,000, kuɗin haya ya taso masa a Rigasa. Ga yadda zai rubuta:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina roƙon a ba ni naira 30,000 daga cikin albashina domin biyan kuɗin haya. Idan an amince, a cire naira 15,000 a wannan watan, sauran a wata mai zuwa. Na gode, Allah Ya ƙara girma."

Sai suna, sashen aiki da kwanan wata.

Wurin cirewar nan ya fi komai nauyi, don shi ke nuna ba kyauta kake nema ba. Kada ka wuce rabin albashi, in ba haka ba wata mai zuwa ma sai ka dawo. Dalili kuwa jimla ɗaya ta isa, ba sai ka tona asirin gidanka ba. Idan mace ce shugabar, sai ka ce "Ranki ya daɗe, Hajiya."