Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa katunan bita daga littafin karatu

Wata ɗaliba ta taɓa nuna min katunan bita da ta haɗa daga babi guda na littafin ilimin halittu, babin zuciya da zagayawar jini. Ta yanka kwali daidai-wa-daida, ta yi rubutu mai tsabta, kati ya kai tamanin. Na zaro ɗaya. A gabansa an rubuta "Zuciya", a bayansa layi tara ne da ta kwafo daga littafin kalma bayan kalma. Na ce ta faɗa min abin da ke baya. Ta kawo layi biyu, ta tsaya, ta juya katin ta ce, "Ai na san wannan." Abin ya taɓa ni, domin kwana uku ta kwashe tana wannan aikin, kuma katunan ba za su iya gaya mata ko ta sani ko ba ta sani ba.

Kuskuren da ya fi yawa ke nan: a loda wa kati ɗaya kayan kati goma. Idan amsa ta kai layi tara ka kawo biyar, ka ci ne ko ka faɗi? Ba ka da abin aunawa, sai ka yi wa kanka sassauci ka wuce, sauran huɗun kuma su ne za su ba ka kunya a ɗakin jarrabawa. Gyaran shi ne kowane kati ya ɗauki tambaya guda, da amsar da za a iya cewa daidai ce ko kuskure ba tare da gardama ba. Katin nan nata mun farfasa shi a zaune. Ɗakuna nawa ne a zuciyar ɗan Adam? Huɗu. Wane ɗaki ne ke karɓar jinin da ya dawo daga sassan jiki? Na sama a ɓangaren dama. Wanne ke tura jini zuwa huhu? Na ƙasa a dama. Wanne ke karɓar jinin da ya ɗauko oksijin daga huhu? Na sama a hagu. Kati ɗaya ya haifi shida, amma kowanne daƙiƙa kaɗan yake ci, kuma nan take ta gano dama da hagu ne ke rikita ta. Da tsohon katin, da sai ranar jarrabawa za ta san haka.

Asalin wannan lodin shi ne fara yanka kati tun kafin a fahimci babin. Wanda bai gane ba, ba ya iya bambanta ginshiƙi da ado, don haka komai kwashewa yake yi. Ka karanta babin har ƙarshe tukuna, ka rufe littafin, ka gwada bayyana wa kanka hanyar da jini ke bi tun daga dawowarsa zuciya har ya sake fita. Duk inda ka cije, nan ne ke buƙatar kati. Ka duba tambayoyin ƙarshen babi da na jarrabawar shekarun baya, za su nuna maka abin da ake yawan taɓowa. Amsar kuma ka rubuta ta da kalmominka, sai dai sunayen fanni, waɗanda ya kamata ka rubuta su yadda za a nema a harshen da za ka yi jarrabawar da shi.

Akwai kuma tambayar da ke raɗa wa mutum amsarta. "Shin bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri?" Ko wanda bai taɓa buɗe littafin ba, idan ya yi canke, rabi da rabi ne. Ka mai da ita, "Wane ɗaki ne bangonsa ya fi kauri?" Sannan ka yi mata 'yar'uwa a wani katin: "Me ya sa?" Amsa: shi ke tura jini zuwa dukkan jiki, na dama kuwa iyakarsa huhu da ke kusa. A ganina kowane babi yana buƙatar irin waɗannan katunan na dalili, domin mai shirya jarrabawa ba ya tsayawa a kan sunaye. Haka ma inda doka ta karye. Littafi zai ce jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya suna ɗauke da jini mai oksijin, amma wadda ta nufi huhu jininta mai ƙarancin oksijin ne. Wannan togaciyar ta cancanci katinta ita kaɗai.

Takardar tambaya da amsa tana da nata ciwon. An saba rubuta tambaya, a sa amsa a ƙarƙashinta, ido kuwa ba ya jiran izini, kafin ka gama karanta tambayar ya riga ya leƙa. Ka ninke takardar gida biyu a tsaye, tambayoyi a hagu, amsoshi a dama, ka naɗe ɓangaren amsa zuwa baya. Kada ka riƙa bin su daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe kullum, domin ƙwaƙwalwa za ta haddace jerin, ka tuna amsa ta bakwai don kawai ita ke bin ta shida. Wata rana ka faro daga ƙasa, wata rana daga tsakiya. Takarda ta fi dacewa da abin da kati ba zai ɗauka ba, kamar zana zuciya a sa sunaye, ko lissafi. Misali, idan zuciya na bugawa sau 70 a minti, kowane bugu yana fitar da mililita 70, jini nawa take turawa a minti? 70 × 70 = 4,900, wato kusan lita biyar. A bita ta gaba ka sauya lambobin, in ba haka ba 4,900 ɗin za ka haddace, hanyar lissafin ta kuɓuce maka.

Ko katin ya yi kyau, ana ɓata shi da saurin juyawa. Ganin amsa ka ji ka santa daban, zaƙulo ta daga kai daban, kuma na biyun ake nema a jarrabawa. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada ɗalibai: wasu suka maimaita karanta wani rubutu, wasu suka rufe suka rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda masu gwada kansu suka fi su tunawa. Saboda haka ka furta amsar da baki ko ka rubuta ta kafin ka juya. Idan ka yi inda-inda ko ka kawo rabi, ka ƙirga ta a kuskure.

Sai batun lokaci. Kada ka tara katunan sai daren jarrabawa, kada kuma ka riƙa bin su duka kullum, waɗanda ka sani su cinye lokacin waɗanda ke ba ka wahala. Tsarin akwatuna da Bajamushe Sebastian Leitner ya yaɗa a 1972 yana magance wannan, kuma ambulan uku ma sun isa. Ta farko ka duba kullum, ta biyu bayan kwana uku, ta uku mako-mako. Kowane kati daga ta farko yake farawa. Ka amsa daidai, ya matsa gaba. Ka kuskure, ya koma ta farko ko da ya kai ta uku. Manhajoji irin su Anki su ma tazarar bita suke tsarawa, sai dai ba sa gyara katin da aka rubuta ba daidai ba.

Idan kati ya dawo ambulan ta farko sau uku ko huɗu, ka daina kokawa da shi. Yawanci ko dai tambayoyi biyu ne a cikinsa, ko yana kama da wani katin har suna shiga juna, ko kuma ba ka fahimci wurin ba tun farko. Ka koma shafin da ka ciro shi, ka sake karantawa, ka rubuta sabo. Wannan ne ya sa yake da kyau ka sa lambar shafi a kusurwar bayan kowane kati tun ranar da ka yanka shi.