Gabatar da baƙo a taro: kurakuran doguwar jimla da gyaransu

Mai karatu yana da damar da mai sauraro ba ya da ita. In jimla ta ɓace masa, sai ya mai da ido baya, ya ga inda waƙafi yake, ya sake bi a hankali. Wanda ke zaune a kujerar baya a zauren taro kuwa, sau ɗaya maganar za ta wuce ta kunnensa. Kuma lokacin gabatarwa shi ne mafi muni: wasu na shigowa, ana jan kujeru, ana gaisawa, lasifika na amsa kuwwa daga bango. Kunnen jama'a bai ma saba da muryar mai magana ba tukuna.

A nan Maradi akwai wani dalili na daban. Da yawa daga masu rubuta jawabi da Faransanci suka yi lakwal, kuma da shi suke rubuta takardun ofis, inda jimla guda kan cinye layi biyar ba wanda ya damu. In an ce su gabatar da baƙo da Hausa, sai su ɗauko wannan ginin yadda yake. Ga irin abin da ake ji, a ce a taron manoman wake:

"Baƙonmu na yau, wanda aka haifa a Tasawa, wanda kuma bayan ya kammala karatunsa a Yamai a shekarar 1998 ya fara aiki a cibiyar binciken noma ta Tarna, inda ya daɗe yana gudanar da ayyukan da suka shafi adana amfanin gona tare da shugaban ƙungiyarmu, wanda ya zagaya ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, shi ne Malam Wane, wanda zai yi mana bayani a kan yadda ake ajiye wake."

A takarda ba laifi. A kunne kuwa, kuskure na farko kuma mafi girma shi ne nisan da ke tsakanin "baƙonmu na yau" da "shi ne Malam Wane". Tunda aka buɗe jimlar, mai sauraro yana riƙe da tambaya guda: wane ne? Duk abin da aka cusa a tsakani, Tasawa da Yamai da Tarna, dole ya riƙe shi ba tare da ya san na wa ba ne. Abin da kai ke iya riƙewa a lokaci ɗaya ba shi da yawa, don haka kafin sunan ya iso, na farkon sun zube. Alamar wannan ciwo a rubutu ita ce "wanda" da "inda" da suka jeru suna bin juna. Duk inda ka ga "wanda" na biyu, to a nan ya kamata aya ta faɗo, sabuwar jimla ta tashi da "ya" ko "ta".

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Wa ya zagaya ƙauyukan Madarunfa, baƙon ko shugaban ƙungiya? Dukansu maza ne, "wanda ya" na iya komawa ga kowannensu. Mai rubutu ya sani, shi ya sa bai ga matsalar ba. Maganinsa a sake faɗin sunan. A rubutun jarida maimaita suna sau uku na iya zama nauyi, amma a baki taimako ne, musamman ga wanda ya shigo a makare.

Sai shekara. A takarda 1998 alamu huɗu ne kawai, ido ya ɗauke su lokaci guda. A baki kalmomi tara ne: dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in da takwas. Mai sauraro zai gama harhaɗa su, sannan ya yi lissafin shekara nawa ke nan, alhali maganar ta yi gaba. Ka yi masa lissafin tun daga gida, ka ce "ya fi shekara ashirin". Haka ma kuɗi: in jama'arka da jaka suke lissafi, ka faɗa da jaka, ka bar canjin da ke wutsiya sai in shi ne zancen.

Akwai kuma nauyin Hausar ofis. "Yana gudanar da ayyukan da suka shafi adana amfanin gona" ba ta nuna wa manomi komai. Me mutumin yake yi da hannunsa? Yana koya wa mutane ajiye wake a buhu mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace da kyau, iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu, ba tare da an zuba magani ba. To wannan za a faɗa.

In aka bi waɗannan, gabatarwar za ta koma haka:

"Jama'a, yau zancen wake za mu yi. Kowa ya san yadda ƙwari ke cinye shi a ajiye. Baƙonmu ya fi shekara ashirin yana wannan yaƙi. Ɗan Tasawa ne. A Tarna yake aiki, cibiyar binciken noma. Ya zaga ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, yana nuna yadda ake ajiye wake ba magani. Sunansa Malam Wane. Malam Wane, bismilla."

Wani zai ce ai nan ma sunan a ƙarshe ya zo. Haka ne, amma kowace jimla ta rufe kanta kafin ta gaba ta fara, babu abin da aka bar wa mai sauraro a rataye. Karatun Yamai ya fita gaba ɗaya, domin ba ya ƙara wa manomi dalilin saurare. In taron malamai ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, sai a dawo da shi, a jimlarsa shi kaɗai.

Sai dai akwai masu jin wannan shawara su wuce gona da iri, su daddatse komai kalma uku-uku har magana ta zama kamar kiran sunaye a aji. Ba haka ake nufi ba. Kalmomin haɗi irin su "domin", "amma", "shi ya sa" su ne ke nuna wa kunne inda aka dosa, kada a zubar da su. Kuma ba kowace doguwar jimla ce ke wahalarwa ba. Sallama, addu'ar buɗe taro, jerin gaisuwa ga wakilin Mai Martaba Sarkin Katsinan Maradi da magajin gari da malamai, duk kunne ya san hanyarsu, ba ya gajiya da su. Kada ka gutsure wa basarake laƙabinsa da sunan taƙaitawa. Abin da za ka kiyaye shi ne ka rufe gaisuwar da aya, ka numfasa, sannan ka shiga sabon bayani. Sabon bayani ne ke bukatar gajerun jimloli.

Gwajin ba ya bukatar komai sai bakinka. Tashi tsaye ka karanta da ƙarfi, da irin muryar da za ka yi a gaban makirfo, ba cikin zuci ba. Duk inda numfashi ya yanke maka kafin aya, sa alama da biro, ka raba jimlar a nan. Duk inda harshe ya sarƙe, canza kalmar. Daga nan ka karanta wa wani da bai ga takardar ba, sau ɗaya tak, ka tambaye shi: wane ne baƙon, kuma a kan me zai yi magana? In ya ce "sake faɗa", ka duba jimlar da ta fi tsawo, galibi a nan matsalar take. Ranar taro kuma ka rubuta kowace jimla a layinta da manyan baƙaƙe, don in ka ɗaga kai ka dubi jama'a, ka samu wurinka da ka sunkuyo.