Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen bilic don fararen kaya da masu launi

Kuskuren da ya fi ɓata tufafi shi ne ɗaukar cewa duk farin kaya na iya jure bilic mai kulorin, wato irin su Hypo da Jik, masu warin nan mai hawa kai. Aikin kulorin shi ne kashe launi, kuma ba ya bambance launin tabo da na rini. Bilic mai oksijin, irin su Vanish, ya fi shi sauƙin hali: yana cin dauɗa a hankali, yana barin rinin da ya kama da kyau. Saboda haka abin dubawa kafin a zaɓa shi ne irin zaren da aka saƙa yadin da shi, da abin da aka ɗinka a jikinsa.

A ɗauki farar shadda mai aikin wuya da zare ruwan toka, wadda wuyanta ya yi rawaya saboda gumi. Mai wanki yakan tsiyaya kulorin kai tsaye a kan wuyan, sai zaren aikin ya koɗe, ya yi dabbare-dabbare, rawayar kuma sau da yawa ta ƙara fitowa, domin kulorin yana iya mayar da tabon gumi rawaya maimakon ya cire shi. Bayan wanki kaɗan sai wurin ya yi laushi ya fara yagewa, domin kulorin da ba a sirka ba yana cin audugar kanta. Abin da ya dace da wannan riga shi ne mai oksijin. A narkar da garin a ruwa mai ɗumi sosai, kamar digiri 40 zuwa 60, bisa ma'aunin da ke jikin robarsa, a tabbatar ya narke kafin a tsoma rigar, a bar ta awa ɗaya ko fiye, sannan a cuɗa wuyan da sabulu a ɗauraye. Kafin haka a ɗiga ruwan a kan zaren aikin ta cikin riga, a danna da farin ƙyalle. Idan launi ya fito a ƙyallen, zaren yana zuba, kada a jiƙa.

Masu cewa mai oksijin ba ya aiki, yawanci a ruwan sanyi suka zuba shi, suka cire kayan bayan minti biyar. Ɗumi da lokaci yake buƙata. Haka kuma ruwan da aka haɗa yakan salance bayan 'yan awoyi, don haka ba a ajiye shi don gobe, ba a kuma rufe shi a gora, saboda iskar da yake fitarwa tana iya fasa ta.

Kulorin yana da muhallinsa: farar auduga zalla, kamar zanin gado, tawul da singileti, musamman idan ana son kashe ƙwayoyin cuta bayan jinya. A nan kuskuren shi ne yawa da daɗewa. Kimanin mililita 100 ya ishi bokiti mai lita 10, a gauraya da ruwan sanyi kafin kaya su shiga, minti biyar zuwa goma, a ɗauraye har warin ya tafi. Barin kaya su kwana a ciki ba ya ƙara musu haske, ƙarfin zaren kawai yake ragewa. Farin leshi, farin hijabi mai santsi, safa da duk abin da ke da roba a jiki, a nisanta su da shi, domin yana sa su rawaya, robar kuma ta saki. Siliki da ulu kuwa, dukkan bilic biyun suna iya lalata su.

Akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba, wato ruwan wankin. Idan ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin jan tabo a bokiti, akwai ƙarfe a cikinsa, kuma kulorin zai mayar da ƙarfen tsatsa ya manna ta a jikin fararen kaya. Wanda ya ga haka ya ƙara bilic, ƙara ɓata kayan yake yi. Tabon tsatsa ruwan lemun tsami da gishiri yake so, a shanya a rana, amma sai an ɗauraye kulorin tas tukuna, domin haɗuwarsa da abu mai tsami, ko da ruwan wanke masai, tana fitar da iska mai guba da ke cutar da huhu. Haɗa bilic biyun a bokiti ɗaya ma asara ce, kowane yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa.

Kayan kanti suna zuwa da alama a ƙyallen wuya: alwatika da babu komai a ciki na nufin kowane bilic ya halatta, mai layi biyu a karkace na nufin mai oksijin kaɗai, wanda aka soke kuma babu ko ɗaya. Atamfa da shaddar da tela ya ɗinka ba su da wannan alama, don haka yana da kyau a karɓo guntun yadin daga wurinsa a riƙa gwaji a kai.