Idan maɓallin ƙara sauti ya ƙi aiki

'Yan uwa masu sayen laftof ta hannu a nan Maradi, kafin ku kai wa mai gyara, ku duba wannan. Maɓallan F1 zuwa F12 galibi aiki biyu kowanne ke yi, kuma kamfani ne ke zaɓar aikin da ke kan gaba, shi ya sa wata laftof na ƙara sauti da dannawa ɗaya, wata sai an haɗa da maɓallin Fn. A yawancin Dell da ThinkPad, Fn+Esc na juya tsarin. A ThinkPad har 'yar fitila kan kunnu. HP da yawa kuwa sai an shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar, da F10 lokacin kunnawa, a canza Action Keys Mode. Idan sauti na amsawa amma hasken allo ya ƙi, galibi direban allo ne, wato manhajar da ke sarrafa allon, ya ɓace bayan sake Windows.