Yadda Ake Taƙaita Rubutun Wani Ba Tare da Kwafe Jimlolinsa Ba

Ɗalibai da yawa suna taƙaitawa ne da littafi a buɗe: su yanke nan, su musanya kalma can. A ce ga abin da ka tarar a wani littafin tarihi:

"Isowar layin dogo Kano a shekarar 1911 ta sauya tattalin arzikin yankin gaba ɗaya. Turawa sun sa ran manoma za su rungumi auduga, amma sai suka karkata ga gyaɗa, domin ta fi kawo kuɗi, kuma ana iya cin ta idan abinci ya yi ƙaranci."

Mai gaggawa zai rubuta: "Zuwan layin dogo Kano a 1911 ya canja tattalin arzikin yankin. Turawa sun zaci manoma za su karɓi auduga, amma suka koma ga gyaɗa." An sake riga, amma mutumin yana nan. Jerin maganar da ginin jimlar duk na mai littafin ne, kuma malami zai kira wannan satar fasaha.

Da farko, karanta sakin layin sau biyu, ka tambayi kanka: wace tambaya yake amsawa? A nan ita ce, me ya sa gyaɗa ta doke auduga?

Sannan rufe littafin. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, alhali muddin idonka na kan jimlar wani, hannunka ita zai bi. Rubuta 'yan kalmomi kawai a takarda: jirgi 1911, auduga, gyaɗa, riba, ci. Kada ka yi cikakkiyar jimla tukuna.

Daga nan faɗi amsar da baki, kamar ƙaninka ne ya tambaye ka, ka rubuta abin da ya fito. Fara daga inda marubucin bai fara ba. Shi da jirgi ya buɗe, kai buɗe da dalili:

"Gyaɗa ta fi auduga riba, ga shi abinci ce, shi ya sa manoman Kano suka zaɓe ta bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, saɓanin fatan Turawa."

Yanzu buɗe littafin ka gwada. Idan ka ga kalmomi biyar ko shida a jere iri ɗaya da nasa, sake gina wurin, ko ka sa su cikin alamar zance in sun cancanci a bar su. Sunaye da shekaru kam ba a taɓa su. Kano Kano ce.

Duba ma'ana kuma. Wajen gudun kwafe ne "sun sa ran" ke rikiɗewa ya zama "sun tilasta", ka ga ka ɗora wa marubucin abin da bai faɗa ba. In ma'anar ta tsaya daidai, rubuta sunansa da shekarar littafin da lambar shafi a ƙarshen jimlarka, domin bayanin daga wurinsa ka samo.