Yadda Ake Rage Wa Wasiƙar Ofis Nauyi

A ce kai ne sakataren ƙungiyar manoma a wani ƙauye kusa da Ringim, ka rubuta wa hakimi: "Za a gudanar da aikin aiwatar da rabon takin zamani ga manoma." Ga yadda za ka gyara ta.

Da farko, karanta jimlar da ƙarfi, ka tambayi kanka: me za a yi a zahiri? Rabo ne. To ka ja layi a ƙarƙashinsa, ka mayar da shi aikatau: raba.

Sai ka goge 'yan rakiya. "Gudanar da", "aikin" da "aiwatar da" ba su ƙara komai ba, tsawo kawai suka yi wa takarda.

Na uku shi ne mai wuyar: wa zai raba? Wannan "za a" tana ɓoye mai aikin, kuma sau da yawa da gangan ake sa ta, don kada a san wanda za a tuhuma idan buhu ya yi ƙafa. Faɗi sunan mai yin, ka ƙara rana: "Kwamiti zai raba wa manoma taki ranar Laraba."

Amma kada ka bi kowace "gudanar" da gogewa. "Ya gudanar da taro" daidai take, domin shi ya jagorance shi. Idan ka cire kalma ma'ana ta canza, mayar da ita.